Akwatin Iya Kulu

Iya Kulu ta rasu a garin Roni cikin azumin shekarar 2023, tana da shekara tamanin da 'yan kai. An yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, aka kira malamai suka raba abin da ta bari, wato tumaki huɗu da kwanonin jere da 'yar gona a bayan gari, tsakanin ɗanta Malam Garba da 'yarta Asabe, wadda ke aure a Babura. Kowa ya ɗauka an gama. Sai da damina ta matso, aka tashi yaɓen ɗakin, aka janye gadon ƙarfenta, sa'an nan aka ga wani akwati can jikin bango, an ɗora shi bisa duwatsu uku don gudun gara.

Saude ce ta buɗe shi, babbar 'yar Malam Garba, wadda ke koyarwa a wata makarantar firamare a Kazaure. Ita ce kaɗai cikin jikoki da tsohuwar ba ta kira da sunanta, sai dai ta ce "kishiyata", kamar yadda kaka da jika suka saba wasa. Da ta ɗaga murfin sai warin kafur da na tsohon baba ya buso. A ciki akwai zannuwa huɗu a ninke: saƙi ɗaya, barage ɗaya, wani baƙin zane mai ƙyalli, da wata atamfa mai ruwan ƙasa wadda ko sau biyar ba a ɗaura ta ba.

Wanda ya tashi ya tarar da atamfar kanti kawai ba lalle ne ya san bambancin waɗannan ba. Saƙi zane ne na auduga, an rina zaren da baba har ya yi duhu, aka gauraya shi da fari a tsaye da kwance, sai ya fito da 'yan ɗige-ɗige kamar jikin zabo. Barage kuwa yana da ratsi na jan alharini, irin wanda fataken Larabawa kan kawo Kano daga Tarabulus ta hanyar hamada. Wannan fatauci ya riga ya yi sanyi tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan kuma ya ƙarasa mutuwa, saboda haka mace mai barage na alharinin gaske galibi gadonsa ta yi. Duka biyun a masaƙar maza ake saƙa su, ƙwarya ƙwarya, kowace faɗinta bai wuce tafin hannu ba, daga baya a jera su a haɗa da allura. Atamfar ita ce ƙaramar yarinya a cikinsu. A bakinta akwai rubutun masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta kuma tsaya da aiki a 2007.

Tun a nan durƙushe Saude ta ga abin da take so ta yi. Bikin 'yar gwaggonta yana tafe bayan kaka, kuma ta ƙudura cewa da kayan nan za ta shiga, a ɗinka mata siket da riga irin na yanzu. Amma zannuwan ba nata ba ne. Jika ba ta gadon kaka muddin ubanta yana da rai, kuma ko allura aka samu a ɗakin mamaci bayan rabo, ta magada ce. Malam Garba bai ja magana ba. Ya kira dillaliya ta yi musu kuɗi, aka kasa uku, kashi biyu nasa, ɗaya na 'yar'uwarsa. Dillaliyar ta taya su da arha ƙwarai, don a ganinta tsummokara ne. Ya ɗauki saƙi da baƙin zane da atamfa ya miƙa wa Saude, aka aika wa Asabe da barage, wanda shi kaɗai aka yi wa kuɗin rabin sauran ukun.

Saude ta koma Kazaure da murna, kuma a daren nan ta yi ɓarnar da har yau ba ta son a tuna mata. Ta ga baƙin zanen yana shafa mata shuɗi a hannu, sai ta ɗauka dauɗa ce. Ta kaɗa garin sabulu a baho, ta tsoma shi, ta bar shi ya kwana. Da gari ya waye ruwan ya koma kamar na karofi, zanen kuwa ya dushe, ya zama wani shuɗi marar rai. Ashe ƙyallin nan a bisa fuskar zanen yake. Marina kan ƙara wa irin wannan zane garin shuni bayan rini, sa'an nan a kai shi mabuga a yi ta dukansa da taɓarya a kan gungume har ya ɗauki sheƙi, irin aikin da aka san mutanen Kura da shi. Shi ya sa yake shafa a jiki, masu shi kuma ba su wanke shi. Da ta zo matsewa sai ta ji ƙyat, ya tsage daga tsakiya. Ta zauna bakin baho ta yi kuka, kukan da ko ranar jana'iza ba ta yi irinsa ba.

Mahaifiyarta ce ta ce mata kada ta sake taɓa sauran sai ta je Gwiwa, garin da aka haifi Iya Kulu, ta nemi wani tsoho da ake kira Baba Ilu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ɗinkin hannu. Ranar Asabar ta hau mota ta tafi. Ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi ko ita jikar wace ce. Ya yi wa marigayiya addu'a, sa'an nan ya ce, "To, 'yar nan, warware mu gani."

Bai ce komai game da ɗinki ba sai da ya gama binciken zanen. Ya sa yara biyu suka riƙe saƙin a bakin ƙofa, rana tana bayansa, ya bi shi ƙwarya ƙwarya da ido. Inda haske ya ratso da yawa, nan zare ya ci. Sa'an nan ya kama wuri-wuri tsakanin manyan yatsunsa ya ɗan ja. Ya ce mata zane mai rai yakan ba da kai ya koma, wanda ya mutu kuwa za a ji yana ƙara kamar busasshen ganye. Ya ƙidaya ƙwarya goma sha ɗaya, kowace faɗinta inci 4, tsawonta yadi biyu, wato inci 72. Takwas lafiyarsu lau. Uku kuwa asu ya ci su, kuma duk a wuri ɗaya, daidai tsakiya, inda ninkin ya yi shekaru yana kallon bangon akwati.

"Nawa ne faɗin ƙugunki?" ya tambaye ta, ba tare da ya ɗago kai ba.

Ta ce, "Inci arba'in, Baba."

Ya ce, "Sai a ƙara huɗu don zama da tashi. Arba'in da huɗu, ƙwarya goma sha ɗaya ke nan a tsaye. Kina da takwas. Ina za ki samo uku?"

Ta ce ai tela zai iya yanka zanen yadda ya ga dama, ya kauce wa ramukan. Tsohon ya girgiza kai. Ya nuna mata cewa kowace ƙwarya tana da bakinta biyu da masaƙi ya rufe, ba su zarewa ko an shekara ɗari. Amma zaren hannu ba shi da tauri irin na inji, musamman abawa, wadda ake kaɗa ta sako-sako. Da zarar almakashi ya ratsa shi a karkace, don a fitar da ƙugu ko hammata, sai ya dinga zarewa, ɗinkin ya zame tun ba a yi wanki biyu ba. Don haka hanya ɗaya ce: a farke ɗinkin da ya haɗa ƙwaryoyin, a raba su, a sake jera su a tsaye, kada a yanka ko ɗaya sai a gicciye, shi ma sai an tsare bakin.

Saude ta ce, "Ga atamfa, a cike da ita."

Ya ce, "Atamfa ta yi shara-shara kusa da saƙi. Saƙin zai rinjaye ta, siket ya karkace. Sai abin da ya yi nauyinsa." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Kulu ba ta bar barage ba? Na san uwarta tana da shi."

Hanyar Babura ta yi wa Saude tsawo a ranar da ta tafi. Gwaggo Asabe mace ce mai kirki, amma ba a canza mata magana, kuma labarin baƙin zane ya riga Saude isa. Bayan an gaisa an ci abinci, ta faɗi abin da ya kawo ta. Gwaggon ta tashi ta ɗauko baragen daga ƙarƙashin matashinta, ta ɗora a cinya.

Ta ce, "Saude, kin san mene ne wannan? Da shi aka kai kakata ɗakin miji, da shi aka kai Iya. Ni da aka zo nawa auren na ce ba na so, atamfa nake so, irin ta 'yan birni. Iya ba ta ce mini komai ba, ta ninke abinta ta mayar. Yanzu kuma in ba ki, ki kai wa tela ya yayyanka, a sa shekara ɗaya a ce yayinsa ya wuce?"

Saude ta ce, "Gwaggo, in ya koma akwati, asu ne zai gaje shi. Ya riga ya fara da saƙin."

"Gara asu ya ci da in gani a ƙasan shagon tela."

Aka bar maganar a nan har dare. Gaskiya kowaccensu tana da hujja, kuma da Saude ba ta lalata zane ɗaya da hannunta ba, da bakinta ya fi haka ƙarfi. Da asuba, bayan sun yi salla, gwaggon ta kira ta. Ta ce ta yarda a cire ƙwarya uku daga gefe ɗaya, aro, bisa sharaɗi guda: almakashi ba zai taɓa su ba, ko da faɗin farce. Ranar da ta neme su, a dawo mata da su yadda suke, ta mayar a jikin zanen. Ita da kanta ta zauna da tsinken allura ta farke su, ta naɗe, ta miƙa.

Da Baba Ilu ya ji sharaɗin sai ya yi dariya har da tari. Ya ce Asabe ta ba su aiki, amma ba ta hana su ba. Tsawon siket inci 40 ne, da biyu na kalmasa, 42. Ƙwaryar barage 72 ce. Saura talatin ɗin sai a ninke su ta ciki daga ƙasa, su hau sama su kwanta a bayan ta waje, a kama su da ɗinki mai sauƙin farkewa. Kafin nan ya zare wani ɗan silin jan zare da ya riga ya fito a bakin ƙwarya, ya kai shi ga ashana. Ya yi warin ƙonannen gashi, ya bar ɗan baƙin gawayi wanda ya murƙushe tsakanin yatsu. Ya ce alharini ne na gaske. Da auduga ce da warin takarda za a ji, da kuma zaren roba ne na zamani da ya narke ya dunƙule. Wannan ya sa ya hana a kai barage kusa da ruwa sam, sai dai a shanya shi a inuwa ya sha iska, don jan alharini yana iya zuba ya ɓata farin da ke kusa da shi.

Saƙin kuwa an wanke shi, amma ba irin wankin da Saude ta yi wa na farko ba. Ta fara jiƙa farin ƙyalle ta danna a kusurwa ɗaya, ta ga shuɗin da ya fito kaɗan ne. Sai ta farke ƙwaryoyin, aikin da ya ci mata maraice shida bayan an tashi daga makaranta, don Iya ko uwarta, ko ma wane ne ya yi ɗinkin, ya yi shi ƙanana ƙwarai. Ta wanke su ɗaya ɗaya a ruwan sanyi da ɗan sabulun salo, ba cuɗawa, ba matsewa, ta shimfiɗa su a tabarma cikin inuwa. Zane mai nauyi in an rataye shi da ruwa a jikinsa, nauyin ruwan kaɗai ya isa ya tsinka tsohon zare.

A wurin yankan ne aka bukaci keke. Ta sami wata tela a unguwarsu a Kazaure, mace mai haƙuri, wadda ta yarda ta bi abin da tsoho ya ce ko da yake ta yi ta mita cewa ba haka aka koya mata ba. A kowace ƙwarya daga cikin takwas ɗin aka auna inci 42, aka bi da layin ɗinki biyu a gicciye, kusa da juna, sa'an nan aka yanka a tsakaninsu, don kowane ɓangare ya tafi da bakinsa a tsare. Aka sami dogaye takwas na siket, da gajeru takwas masu inci 30. Ƙwaryoyi ukun nan da asu ya ci ma ba su tafi a banza ba. Da yake ramukan a tsakiya suke, da aka fitar da wurin sai kowace ta ba da guda biyu masu kyau, shida ke nan. Gajeru suka zama goma sha huɗu. Goma suka yi jikin riga, biyar gaba biyar baya. Huɗun da suka rage aka raba kowace biyu, aka sami takwas, huɗu ga kowane hannu, wanda ya tsaya a gwiwar hannu.

Telar ta so ta haɗa su da keke, a gama a yini ɗaya. Da ta gwada ƙwarya biyu sai aka ga illa iri biyu. Keke sai an ɗora baki bisa baki, kowane haɗi ya ci wajen rabin inci, a haɗi goma sha ɗaya siket ya rasa abin da ya fi inci biyar, ba zai shiga ba. Ga shi kuma zaren keke ya fi tsohon zaren ƙarfi, in aka ja, shi zai yanka zanen. Dole aka koma ga hanyar da: baki da baki, a kama da allura da zaren auduga, ba a ja sosai. Saude ba ta iya ba. Ta yi Asabar uku tana zuwa Gwiwa, tsohon yana farke abin da ta ɗinka yana cewa ta sake, har hannunta ya faɗa. Yakan ce mata in ta shimfiɗa haɗin a tabarma ya kwanta lumui, ya yi. In ya tattare, ta ja zare da yawa. In haske ya ratsa, ta yi sako-sako.

An sa barage ɗaya a tsakiyar gaba, biyu a gefe da gefe. Ba a tsuke ƙugu da yanka ba, sai aka yi masa 'yan ninki aka zura mazagi. Wuyan riga ne kaɗai wurin da ba makawa sai an ɗan fafe, shi ma aka yi shi mai kusurwa huɗu, yana bin bakin ƙwarya, aka naɗe gefen da aka yanka da atamfa. A nan atamfar Kaduna ta sami aikinta. Ita aka yi shafi da ita daga ciki, bayan an wanke ta sau biyu don ta gama tsukewa, ita ce kuma ta ɗauki nauyin zama da tashi, saƙin yana kwance a bisanta. Da Saude ta gwada sai ta ga siket ɗin ya ɗaure mata ƙafa, ba ta iya dogon taku. Aka buɗe haɗin baya daga gwiwa zuwa ƙasa, aka sa ninkin atamfa a ciki, wanda ba ya bayyana sai ta taka. Abin da ya rage na atamfar ya isa ɗankwali. Baƙin zanen kuwa ba a sami abin yi da shi ba. Ta ninke shi ta mayar cikin akwati.

Kayan sun yi nauyi, kuma suna da zafi. Wannan ba abin da za a ɓoye ba ne, kuma shi ya sa aka yi sa'a bikin ya faɗo cikin sanyin Disamba. Ranar kamu Saude ta shiga gidan gwaggonta a Babura da mayafi a kafaɗa, 'yan mata duk sun yi anko da leshi iri ɗaya, ita kaɗai ta fita daban. Wasu suka tambaye ta ko daga Kantin Kwari ta sayo. Wata tsohuwa daga dangin ango ta kira ta, ta kama bakin rigar ta murza, ta kai hanci, ta ce rabonta da ganin saƙin kaɗin hannu tun tana amarya.

Gwaggo Asabe ba ta ce komai ba a gaban mutane. Sai da aka watse, bayan isha'i, ta ce, "Saude, zo ɗaki." Ta sa ta ta tuɓe siket ɗin ta ɗaura zane, ta juya cikinsa waje, ta kunna fitila. Ta ɗaga shafin, ta bi ƙwaryar barage ta farko da yatsa tun daga ƙugu har ƙasa, ta bi ninkin ta hau har inda ya ƙare, ta ga bakin masaƙi yana nan da 'yan gezarsa. Ta yi wa ta biyu haka, ta yi wa ta uku. A jikin ta ukun ta tsaya a kan wani ɗan faci, wanda aka yi da baƙin zare, bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba.

Ta ce, "Wannan ke kika yi?"

Saude ta ce, "A'a, Gwaggo, haka na same shi. Baba Ilu ya ce a bar shi."

Gwaggon ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ni na ƙona shi. Ina 'yar shekara bakwai, na ɗauko shi ina wasan amarya kusa da murhu. Iya ta ɗinke, ba ta gaya wa Baba ba." Ta juya siket ɗin daidai, ta ninke shi, amma ba a tsakiya ba, ta ɗora wa Saude a hannu. Sa'an nan ta jawo sauran baragen daga ƙarƙashin matashi, ta ƙidaya ƙwaryoyin da suka rage, ta tambaye ta ko tsohon nan na Gwiwa yana karɓar baƙi ranar Lahadi.